Its da it's, wanne ne daidai?

"Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah its da it's ɗin nan suna rikita ni, malaminmu ya ce 's alamar mallaka ce amma na rubuta the dog wagged it's tail ya ja min jan biro. Ina kuskuren yake?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Malaminka bai yi kuskure ba, rabin bayanin ne ya rage. Na daɗe ina yi wa yara lesin na WAEC da NECO, kuma ni kaina na taɓa rubuta the school and it's students a takardar neman aiki, sai da na miƙa wani abokina ya nuna min a kwafin da na ajiye, ranar kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wannan ɗan waƙafin na sama aiki biyu yake yi a Turanci. Wani lokaci mallaka yake nunawa, Musa's bag jakar Musa kenan. Wani lokaci kuma yana tsayawa ne a gurbin harafin da aka cire, kamar do not da ya koma don't, o ɗin ce ta fita ya zauna a wurinta. To it's na rukuni na biyu ne kawai, ko dai it is ko it has, ba ya nufin mallaka.

Its kuma ɗan gidan su his ne da hers da ours, wato wakilin suna ne da ya zo da mallakarsa a jikinsa, kamar yadda muke cewa wutsiyarsa. Ka taɓa ganin an rubuta hi's? To haka its yake. Mallakar da malaminku ya faɗa ta sunaye ce irin su Musa da dog, ba ta wakilin suna irin su he da it ba.

Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce ka warware kalmar ka karanta da ƙarfi. Ɗauki jimlarka, the dog wagged it is tail, ka ji ai ba ta da kai ba ta da gindi, it has tail ma haka, don haka its ne ba waƙafi. Amma the goat has cut its rope and it's running away, na biyun ka ce it is running away ya zauna daram, na farkon kuwa igiyarta ake nufi. Kar ka manta da it has ɗin, nan yara suke faɗuwa, it's been raining sai su gwada it is been su ga bai yi ba su goge waƙafin, alhali it has been ne.

Sannan ka kula da wayarka, kibod ya kan maida its zuwa it's da kansa in kana sauri, sai ka duba kafin ka tura. Shi kuwa its' mai waƙafi a ƙarshe da wasu ke rubutawa, babu shi sam a Turanci.