Daga littafin Faransanci zuwa rahoton Turanci: kalmomi uku da ke rikita mai lissafi

Tambaya: "Shekara bakwai ina riƙe littafin kuɗi a Maraɗi da Faransanci. Yanzu na samu aiki a Kaduna, kuma da Turanci za a riƙa fitar da rahoto. Kalmomin `Accrual`, `Depreciation` da `Amortisation` da nake gani a manhaja sun ɗaure mini kai. Don Allah a taimaka."

Malam, barka da zuwa Kaduna. Na daɗe ina aikin akanta a wata masana'anta a Kakuri, kuma na taɓa zama da wani ɗan'uwa daga Damagaram da ya shiga irin halin da kake ciki. Aikin ka riga ka san shi, sunaye ne suka sauya wuri, ɗaya daga cikinsu kuma tarko ne.

Abin da ka saba kira `amortissement` a SYSCOHADA, tsarin lissafin kuɗi da ake bi a Nijar, wanda ke asusu na 28, Turanci ya raba shi gida biyu. Idan kadarar abar taɓawa ce, kamar inji ko mota ko gini, sunansa `Depreciation`, ƙarƙashin ƙa'idar IAS 16. Idan ba a taɓa ta da hannu, kamar lasisin manhaja, sai a ce `Amortisation`, ƙarƙashin IAS 38. Amma `dépréciation` ɗinku na asusu na 29, wato faɗuwar darajar kadara saboda lalacewa ko sauyin kasuwa, a nan `Impairment` ake ce masa, kuma IAS 36 ce ke kula da shi. Ɗan'uwan nan da na ambata ya ga kalmomin sun yi kama, sai ya zuba asarar wani inji da gobara ta taɓa cikin `Depreciation`. Mun gane ne da muka ga adadin watan ya ninka na sauran watanni kusan sau huɗu, alhali ba mu sayi sabuwar kadara ba. Wannan ita ce alamar da za ka riƙa dubawa, domin a tsarin rabo daidai, inda ake raba kuɗin kadara daidai wa daida kan shekarunta, adadin ba ya motsi sai an sayi kadara, ko an sayar, ko wa'adinta ya cika, ko an sake ƙiyasin shekarunta ko darajarta.

A ce kun sayi janareto ranar 1 ga Afrilu a kan naira 6,600,000, har da kuɗin dakonsa da na kafa shi, domin su ma cikin farashin kadara suke. Kun ƙiyasta zai yi shekara 5, sannan a sayar da shi naira 600,000. Abin da za a raba shi ne 6,000,000, wato 1,200,000 a shekara, ko 100,000 a wata. Idan kuna rufe littafi a ƙarshen Disamba, wata tara ya yi aiki, don haka 900,000 za ka caje, darajarsa a littafi ta koma 5,700,000. Ana fara ƙirga ne daga ranar da ya zama a shirye don aiki, ko da ba a gama biyan kuɗinsa ba. Lasisin manhaja na naira 1,800,000 na shekara 3 haka lissafinsa yake, 600,000 kowace shekara, suna kawai ya bambanta.

Shi kuwa `Accrual` ka san shi da `charges à payer`, ko asusu na 408 na takardun biyan da ba su iso ba. Wutar da kuka sha a Disamba kuɗin Disamba ce, ko da bil ɗin sai tsakiyar Janairu zai zo. Ka duba mita ko bil na watannin baya, ka ƙiyasta, a ce 240,000:

```
Dr Electricity expense   240,000
Cr Accrued expenses      240,000
```

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne Janairu. Bil ya zo da 255,000, sai a shigar da shi gaba ɗaya a manta da juya rubutun Disamba, kuɗin wuta ya hau littafi sau biyu. Idan ka juya shi a ranar farko ta wata, 15,000 kaɗai zai rage a kan Janairu. Duk lokacin da ka ga adadi ɗaya ya kwana wata uku a `Accrued expenses` bai motsa ba, to ka bincika, galibi mantuwar nan ce.

Abu na ƙarshe da ya kamata ka sani tun yanzu: a Najeriya hukumar haraji ba ta karɓar `Depreciation` na littafinku a matsayin abin cirewa daga riba. Ana mayar da shi cikin ribar, sannan a cire `Capital allowance`, wato rangwamen da ake yi kan kuɗin sayen kadara, bisa adadin da doka ta tsara. Saboda haka ka riƙe rajistar kadarori mai ranar saye da farashi da shekarun kowace kadara, domin ita odita zai fara nema, ita kuma mai lissafin haraji zai yi aiki da ita.