Idan Mafi Ƙarancin Albashi Ya Haura Farashin Kasuwa, Wa Ke Samu, Wa Ke Rasawa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin tattalin arziki ne a Zariya. An koya mana cewa idan gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi sama da inda kasuwa ta daidaita, aiki zai ragu. To ke nan naira 70,000 da aka sa a 2024 cuta ce ga ma'aikaci? Kuma ina rarar da ake magana take zuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, bari mu ɗauki lissafi guda mu bi shi har ƙarshe, don maganar ba ta fitowa sarai sai da alƙaluma. Waɗannan alƙaluman na misali ne, ni na tsara su don sauƙin fahimta.

Ka ɗauka akwai masana'antun leda da robobi a wata unguwa, kuma albashin leburan da kasuwa ta tsaya a kai naira 50,000 ne a wata. A wannan kuɗin masu masana'antu suna son mutum 1,000, masu son aikin ma 1,000 ne. Ka ƙara ɗauka cewa duk naira 10,000 da aka ƙara, masu masana'antu za su rage mutum 100, sababbin masu neman aiki 100 kuma za su fito. Sai doka ta ce kada a biya ƙasa da 70,000.

Yanzu masu masana'antu mutum 800 kawai za su riƙe. Ba mugunta ba ce. Leburan da aikinsa ke kawo wa kamfani 60,000 a wata riba ne lokacin da ake biyansa 50,000, amma ya zama asara da aka ce a ba shi 70,000. A ɗaya ɓangaren kuma masu neman aikin sun kai 1,200, domin wanda da yake tura baro ko yake zaune a gona ya ga kuɗin ya isa ya taso. Mutum 400 ke nan suke tsaye a bakin ƙofa babu gurbi. Wannan ita ce rarar ma'aikata. Lura da kyau, don nan ɗalibai ke faɗuwa a jarrabawa: cikin 400 ɗin, 200 ne kaɗai suka rasa aikin da suke da shi. Sauran 200 sababbin shigowa ne, da ma ba sa ciki.

Sai rara ta biyu, wato rarar amfani. Ga ma'aikaci, ita ce tazarar da ke tsakanin abin da aka biya shi da mafi ƙarancin abin da zai yarda ya karɓa. Ga mai kamfani, ita ce tazarar da ke tsakanin abin da aikin ya kawo masa da abin da ya biya. Mutum 800 da suka tsira kowa ya samu ƙarin 20,000, jimilla naira miliyan 16 a wata. Wannan kuɗin bai ɓace ba, daga aljihun masu kamfani ya koma aljihun ma'aikata. Abin da ya ɓace yana wajen guraben nan 200 da aka rufe. Kowane gurbi a cikinsu yana ba kamfani rarar da ta kai 10,000 idan aka yi matsakaici, yana ba ma'aikaci shi ma kamar haka. Miliyan 2 a nan, miliyan 2 a can, miliyan 4 ke nan da ba ta shiga hannun kowa ba. Masu kamfani sun yi asarar miliyan 18, ma'aikata a dunƙule sun samu ƙarin miliyan 14.

Saboda haka a wannan misali ma'aikata sun ci riba a matsayinsu na jama'a ɗaya: jimillar albashi ta tashi daga miliyan 50 zuwa miliyan 56. Amma jimilla ba ta ɗora tukunya a gidan wanda aka sallama. Abin da ke damuna shi ne su wane ne 200 ɗin: yawanci yaron da bai ƙware ba tukuna, da wanda ba shi da takarda, da wanda ba shi da kowa a ciki. Idan mutum 1,200 suna rububin gurbi 800, sanayya da cin hanci ne ke raba gurbin, kuma asarar takan wuce miliyan 4 da muka lissafa.

Komai kuwa ya rataya ne a kan sauƙin da mai kamfani ke da shi na rabuwa da ma'aikaci. Idan inji zai iya maye gurbin mutum, ko kayan waje suna gasa da nasa ta yadda ba zai iya ƙara farashi ba, ragin zai fi haka. Da mutum 400 aka sallama maimakon 200, da jimillar albashi ta faɗo zuwa miliyan 42, ƙasa da yadda take kafin dokar.

To amma kada ka ɗauki wannan zane ka ɗora wa Nijeriya kai tsaye. Dokar ba ta hau kan kowa ba: wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba an keɓe shi, kuma mafi yawan 'yan ƙasa suna cin abinci ne a gona, da kasuwa, da sana'ar hannu, inda babu mai bin diddigin albashi. Wanda aka sallama daga masana'anta ba ya zama haka nan. Yakan koma acaba ko talla, ya ƙara yawan masu yin su, abin da kowa ke samu a can ya ragu. Ga kuma hauhawar farashi. Naira 30,000 da aka sa a 2019 ta riga ta zube kafin 2024, musamman bayan cire tallafin mai a 2023, har a wurare da yawa ta koma ƙasa da abin da kasuwa ke biya. Dokar da ke ƙasa da farashin kasuwa kuwa ba ta rage aiki, ba ta ƙara wa kowa komai. Naira 70,000 ma tana iya zama ƙasa da kasuwa a wasu ayyukan Legas, ta zama sama da kasuwa a makaranta mai zaman kanta da ke wani ƙaramin gari. Ma'aikacin gwamnati kuma lissafinsa daban ne, domin kasafin kuɗi ne ke yanke yawansu. Can matsin yakan fito ta hanyar bashin albashi da dakatar da ɗaukar sababbi.

Akwai kuma yanayin da ƙarin albashi ba ya rage aiki ko kaɗan. Idan kamfani ɗaya ne tilo ke ɗaukar mutane a gari, yana da ikon danne albashi ƙasa da abin da aikin ke kawowa. A nan doka na iya ɗaga albashi, yawan ma'aikata ma ya ƙaru, muddin ba a zarce darajar aikin ba. Masana tattalin arziki biyu, David Card da Alan Krueger, sun bincika gidajen abinci a jihar New Jersey ta Amurka bayan an ɗaga albashin awa daga dala 4.25 zuwa 5.05 a 1992, suka kwatanta su da na Pennsylvania mai maƙwabtaka, ba su ga aiki ya ragu ba. Wasu masana sun ƙalubalanci binciken, amma ya nuna cewa matsakaicin ƙari ba lallai ya jawo kora ba.

Idan kana son sanin ko 70,000 ta haura kasuwa a wani wuri, kada ka tsaya jiran labarin sallama, don ba kasafai ake farawa da ita ba. Duba ko an daina maye gurbin wanda ya bar aiki, ko ana mayar da ma'aikatan dindindin na wucin gadi ta hannun 'yan kwangila, ko an yanke alawus da kuɗin abinci, ko mutum ɗaya yanzu yana kula da inji biyu. Idan ka ga waɗannan tare da dogon layin masu takarda a bakin ƙofa, dokar ta haura kasuwa a wurin. Idan kuma kamfanin har yanzu yana cigiyar ma'aikata a kan 70,000 bai samu ba, to kasuwa ta riga ta wuce dokar.