Yadda ake gina Action ɗin katun da ba ya sauya kama daga hoto zuwa hoto

Maigida, na naɗi Action a Photoshop don mayar da hotunan biki su zama kamar zanen katun. A hoton gwaji ya yi kyau, amma da na sake shi a kan hotuna ɗari uku, wasu fuskokin sun narke, wasu kuma kamar ba a taɓa su ba. Ina matsalar take?

Action jerin matakai ne da Photoshop yake naɗewa don ya maimaita su a kan wasu hotuna. Abin da yake riƙewa lambobin da ka shigar ne kawai, ba ya ganin kyawun da idonka ya gani, kuma yawancin filtocin da ake yin katun da su, irin su Median da Surface Blur, da fiksel suke awo. A ce ka sa Radius na Median a kan 6 a hoton kyamara mai faɗin fiksel 6000. Wannan kashi ɗaya ne cikin dubu na faɗin hoton, ɗan laushin fata kawai zai kawo. Idan lambar nan ta faɗa kan hoton da aka turo ta waya mai faɗin fiksel 1200, ƙarfinta ya ninka sau biyar, shi ya sa ido da hanci suke haɗewa su zama dunƙule ɗaya. Saboda haka rabin farko na Action ɗinka aikinsa shi ne daidaita hotunan, kafin a taɓa kowace filta.

Da zarar ka danna maɓallin naɗi, fara da Flatten Image, domin hoton da ya zo da leya-leya ko fayil ɗin PNG ya koma leya guda mai suna Background. In ba haka ba, aikin zai tsaya a tsakiya da saƙon cewa leyar da ake nema babu ita. Daga nan ka mayar da hoton 8 Bits/Channel, ka yi Convert to Profile zuwa sRGB, saboda Filter Gallery ba ya buɗewa a kan hoto mai bit 16 ko mai launin CMYK. Sai babban matakin, wato Fit Image da ke ƙarƙashin File sannan Automate, inda za ka sa 2400 a faɗi, 2400 a tsayi. Na fifita shi a kan Image Size domin yana mayar da gefe mafi tsawo 2400 ko hoton a tsaye yake ko a kwance, ba tare da ya miƙe fuskar kowa ba.

Bayan haka ne katun ɗin yake shigowa. Kwafi leyar sau biyu, ka raɗa musu suna tun kana cikin naɗin, ɗaya launi, ɗaya layi. A kan ta launi ka yi Median sannan Cutout, Number of Levels a wajen 6. A kan ta layi ka cire launin, ka yi Photocopy, ka mayar da yanayin haɗuwarta da leyar ƙasa zuwa Multiply. Amma kafin Photocopy ka danna D don launukan gaba da baya su koma baƙi da fari, ka kuma tabbata matakin ya bayyana a jerin, domin wannan filtar da launukan gaba da baya take zane. Idan wani ya bar ja a akwatin launi, gobe duk layukanka ja za su fito.

Haske shi ne abin da ya fi ba da wahala a hotunan bikinmu. Baƙar fata kusa da farar shadda mai ƙyalli tana sa kyamara ta duhunta fuska, kuma tun da Cutout tattara launuka masu kama da juna yake yi, sai fuskar ango ta zama baƙin tabo guda alhali aikin wuyan rigarsa ya fito sarai. Sa Shadows/Highlights kafin kwafin leyar, ka ɗaga Shadows kaɗan. Ko da haka, kada ka yi tsammanin lamba ɗaya za ta yi wa hoton mutum guda da hoton dangi ashirin adalci, domin a na biyun kowace fuska ƴar ƙarama ce. Raba su folda biyu, ka kwafi Action ɗin, ka rage Radius na Median a na taron zuwa 2 ko 3.

Wajen sakin aikin, naɗi Save As a ƙarshe, sannan a cikin Batch, wato umarnin da ke sakin Action a kan duk hotunan folda, ka zaɓi wata folda daban don ajiya, ka kunna Override Action "Save As" Commands. Idan ka manta da wannan, kwafi zai riƙa tafiya inda ka ajiye hoton gwajin, in kuwa ka rubuta suna lokacin naɗin, kowane hoto zai danne na gabansa. Kunna Suppress Color Profile Warnings, ka zaɓi Log Errors to File, don kada hoto ɗaya ya tsayar da sauran.

Kafin ɗari ukun, zaɓi goma mafi muni, har da mai duhu, da wanda filasha ta ƙona, da mafi ƙanƙanta, da na taro. Jera sakamakon gefe da gefe, ka duba kaurin layin da ya zagaye ido. Idan ya zo ɗaya a dukkansu, saki sauran.