Laka, leda ko kankare: wanne ya dace da kududdufin kifi a Ikorodu?

Tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na karɓi hayar fili na shekara 3 a Ikorodu, kusa da fadama, ina so in fara kiwon tarwaɗa. Wani ya ce in daɓe ramin da laka, wani ya ce leda, magini kuma ya ce kankare kawai. Wanne zan ɗauka?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a cikin niyya. Kafin ka biya kuɗin komai, sa yaro ya haƙa maka rami mai zurfin mita ɗaya da rabi a daidai inda kake son kududdufin, ka rufe bakinsa da katako, ka dawo washegari ka leƙa. A Ikko ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa shi ne ke yanke hukunci, ba farashin kaya ba. Kuma a watan Yuni ko Yuli, lokacin da damina ta kankama, gwajin ke faɗin gaskiya. Ramin da ka gani a bushe a watan Fabrairu zai iya cika ya kawo maka gwiwa idan ruwa ya sauka. In ba za ka iya jira ba, leƙa rijiyoyin maƙwabta ka tambaye su inda ruwa yake kaiwa da damina.

Laka ita ce mafi sauƙin yanke wa hukunci. Ɗebo ƙasar da ta fito daga ƙasan ramin nan, ka ɗan jiƙa ta, ka dunƙula, ka jefa sama ka cafe. In ta wargaje, yashi ya yi yawa. In ta zauna, murza ta a tafin hannu ta yi tsawo, ka lanƙwasa. Yumɓu na gaske ba ya karyewa da wuri. A Ikorodu akwai wuraren da jar ƙasarsu ke riƙe ruwa, amma ta wajen Aja, Leki da Badagiri yawanci rairayi ne, ka zuba ruwa da yamma da safe babu. Idan ƙasar filinka ta ci gwajin, to ka huta, kududdufin ƙasa ya fi komai arha kuma tarwaɗa tana jin daɗinsa. Idan kuwa sai ka sayo yumɓun daga wani wuri, lissafi ya canza. Ana buƙatar kaurin kusan santimita 30, a shimfiɗa shi hawa-hawa, kowane hawa a jiƙa a daddaɓe kafin a ɗora na gaba. Ramin mita 8 da mita 5 zai ci kusan kubik mita 15 bayan an daɓe, ga kuɗin tifa ga na leburori. Sannan ranar da ka kwashe kifi ka bar ramin a rana, daɓen zai tsattsage, tarwaɗa kuma da kanta tana tonon gefe. A filin haya ba zan binne wannan kuɗin ba.

Leda ce nake ganin ta dace da kai, amma a nan ne mutane suka fi yin asara, don haka bari in tsaya a kanta. Ba baƙar ledar da magina ke shimfiɗawa kafin su zuba daɓe nake nufi ba, wannan rana tana cinye ta cikin ɗan lokaci. Ka nemi wadda aka rubuta HDPE a jikinta, kaurin milimita 0.5 a ƙalla, in aljihu ya yarda 0.75 ko 1. Wajen awo, ka ɗauki tsawon ramin ka ƙara zurfinsa sau biyu, ka ƙara mita ɗaya a kowane gefe don binnewa. Ramin mita 8 da 5 mai zurfin 1.2 ke nan zai ci leda mita 12.4 da 9.4. Tunda gefen ramin a kishingiɗe ake yanka shi, za ka ga ɗan rara, kuma gara rara da ƙaranci, domin ledar da aka ja ta yi tsam ita ce ke yagewa idan nauyin ruwa ya hau ta. A tsince duk saiwa da dutse da fasasshen kwalba, a zuba yashi mai laushi kamar santimita 5, sannan a shimfiɗa. Bakinta a binne shi a ɗan kwalbatin da aka haƙa kewaye da ramin, ba a danne da bulo ba.

Ga inda ramin gwajin nan yake aiki. Idan ruwan ƙasa ya hau sama da gindin kududdufinka, muddin yana cike nauyin ruwan ciki yana danne ledar. Ranar da ka rage ruwa don canji ko kamun kifi, na ƙasa ya fi ƙarfi, sai ka ga leda ta taso ta kumbura a tsakiya kamar cikin wanda ya sha kunu ya ƙoshi. Ƙasar fadama tana da wata matsalar kuma: ruɓaɓɓen ganye da ke ƙarƙashi yana fitar da iska, ta taru a bayan leda ta ɗaga ta. Wasu sukan huda don ta sace, daga nan kuma sai yoyo. Saboda haka in ka tarar da ruwa a ramin gwaji a zurfin da bai kai mita ɗaya ba, kada ka haƙa ƙasa sosai. Haƙa kaɗan ka ɗaga ganuwa da ƙasar da ta fito, ko ka bar haƙa gaba ɗaya ka kafa tamfol a kan firam na bututun ƙarfe a saman ƙasa. Na tamfol ɗin nan, in mai fili ya ce yana son abinsa, ka kwance ka loda a mota. Wanda ya taɓa zaman haya a garin nan ya san ba a faɗa masa wannan sau biyu.

Magininka bai yi ƙarya ba, kankare ya fi daɗewa kuma ya fi sauƙin wanki da tace kifi. Sai dai na mai fili ne, ba na ɗan haya ba. Tanki mai mita 4 da 3 da ruwan mita ɗaya yana ɗauke da lita 12,000, wato tan 12, kuma a ƙasar fadama mai laushi gefe ɗaya yakan nutse, sai tsaga ta fito a kusurwa ko inda bango ya haɗu da daɓe. Wanda zai yi, ya yi da bulo mai inci 9 a cika cikinsa da kankare, a sa rodi a daɓe da ginshiƙan kusurwa, kwaɓi kuma siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Sabon siminti yana kashe ƙananan kifi, don haka a cika tankin a bar shi, a zubar a sake cikawa har kamar mako biyu, a auna pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, ya sauko tsakanin 6.5 da 8.5 kafin a zuba su. Masu sa ganyen ayaba ko taki a ciki ban hana su ba, amma awon ne abin dogaro.

Ko wanne ka yi, kada kifi ya shiga sai ka gwada yoyo. Cika kududdufin, ka ajiye bokiti mai ruwa a cikinsa a kan bulo, ka yi alama a duka biyun, ka bar su kwana biyu da ba a yi ruwan sama ba. In sun ragu daidai, rana ce ta sha. In na kududdufin ya fi raguwa, bar shi ya ci gaba da sauka har ya tsaya da kansa, domin a daidai layin da ya tsaya hujin yake. A leda, fara dubawa daga inda bututun fitar da ruwa ya ratsa ta da kuma wuraren da aka haɗa ta. Turo mana zurfin da ka tarar da ruwa a ramin da hoton ƙasar da ta fito, sai a san ko haƙa za ka yi ko ɗagawa.