Ƙwai a baka, kaza a akurki: cekin da banki ya dawo da shi

"Malam, ni ke riƙe wa maigidana littafin kuɗi a kasuwar Mile 12 ta Legas, albasa muke saidawa. Ƙarshen wata littafina ya nuna N2,450,000, takardar banki kuma N2,201,275. Ga hotonta nan da na littafin. Da maigida ya ji cekin wani ɗan sari ya dawo, sai ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Me yake nufi, ya zan rubuta wannan? Kuma ɗan kuɗin da banki ya ƙara mana, riba ne ko ruwa?"

Akurki shi ne ɗan ɗakin da kaji ke kwana. Kazar da ke ciki taka ce, amma kafin gari ya waye muzuru na iya shiga, ƙwan da ke bakinka kuwa ka riga ka ci. Maigidanka na cewa cek alkawarin kuɗi ne, bai zama kuɗi ba sai bankin mai shi ya biya.

Ranar da ɗan sarin ya ba ku cekin N400,000, ka rubuta kuɗi sun shiga banki, ka goge bashinsa. Daidai ka yi. Da cekin ya isa bankinsa aka tarar babu isassun kuɗi a asusunsa, sai bankinku ya cire abin da ya sa muku. Yanzu sai ka warware rubutun farko da sabon layi: rage N400,000 daga shafin banki, ka mayar da su shafin ɗan sarin. Kada ka kankare tsohon layin, domin shi ne shaidarku. Kada kuma ka taɓa shafin ciniki, ai albasa ta fita, an sayar. Na sha ganin masu saurin rubuta irin wannan a asara, ni ban yarda da haka ba. Bashi ne da ya dawo, ba ya zama asara sai an bi an bi an fid da rai. Ku adana cekin da takardar da banki ya haɗo da shi, don dokar 1977 ta mai da ba da cekin da babu kuɗi a bayansa laifi mai ɗaurin shekara 2.

Cajin banki ba shi da wuya. Na ga N3,000 na kula da asusu, da harajin VAT na kashi 7.5 a kai, wato N225. Rage N3,225 daga shafin banki, ka sa su a shafin kashe-kashe. Alamar DR da ke gefensu a takardar na nufin an cire muku, CR kuma an sa muku.

Sai kalmominka biyu. Riba a bakin 'yan kasuwa ita ce abin da ya hau kan uwar kuɗi bayan an saya an sayar. Ruwa kuwa ƙari ne da kuɗi ke jawowa don kawai sun daɗe a hannun wani, shi ya sa ake cewa bashi da ruwa. Abin da ke rikita mutane shi ne kalmar Larabci da malaman fiƙihu ke kiran wannan ƙarin da ita, ita ma riba ake rubuta ta a boko. Na banki dai kuɗin ruwa ne, ka buɗe masa shafinsa daban. An sa muku N5,000, an cire kashi 10 na haraji, saura N4,500. Rubuta N5,000 a shafin kuɗin ruwa, N500 a shafin harajin da aka cire, N4,500 a shafin banki. Idan maigida yana cikin masu fitar da irin wannan kuɗin daga dukiyarsu, shafin ne zai nuna masa adadin ba tare da ya cakuɗe da ribar albasa ba.

Daga N2,450,000 cire N400,000 da N3,225, ka ƙara N4,500, za ka samu N2,051,275. Har yanzu takardar banki ta ɗara da N150,000, kuma na gano su a littafinka: cekin da kuka ba direban da ya kawo kaya ne, bai kai banki ba tukuna. Wannan ba ka rubuta masa komai, tun ranar da aka ba shi ka cire. A takardar daidaita littafi da takardar banki kawai za ka rage shi daga N2,201,275, sai ɓangarorin biyu su haɗu a N2,051,275. Abin da banki ya riga ka sani shi kake shigarwa a littafi, wanda ka riga banki sani kuwa jira ake yi ya iso. In ka sake cire na direban, wata mai zuwa littafinka zai gaza da N150,000.