Shekara biyar a gida: me zan rubuta a wasiƙar neman aikin akanta?

"Anti, na yi shekara bakwai ina akanta a wani kamfani a Kano, ina kuma da shaidar ƙwarewar akanta ta ACCA. Na ajiye aiki a 2020 da na haihu, daga baya muka biyo maigidana Manchester. Yanzu autata ta shiga makaranta, ina son komawa. Duk wasiƙar da na rubuta sai ta zama ban-haƙuri. In ɓoye shekarun nan ne, ko in yi bayani?"

Ƙanwata, ɓoyewa ba ta taso ba, domin shekarun suna nan a takardar tarihin aikinki, kuma mai ɗaukar akanta ya iya lissafi. Amma jimla ɗaya ta ishe su, a sakin layi na biyu, bayan ya riga ya ga abin da kika iya. Ki ce: daga 2020 na tsaya renon iyali, yanzu na shirya komawa aiki cikakke. Ba sai kin faɗi yawan 'ya'ya ko wanda zai ɗauko su daga makaranta ba. Ki kuma bar salonmu na gida, na "ina roƙo da ƙasƙantar da kai a taimaka mini". A Kano ladabi ne, a Birtaniya sai a ɗauka ke ma ba ki yarda da kanki ba.

Abin da ke ran mai ɗaukar aikin ɗaya ne: shin iliminta ya tsaya a 2020? Nan za ki ba da ƙarfi. Kafin ki rubuta komai, ki shiga shafinki na myACCA ki duba matsayinki. Idan kin daina biyan kuɗin shekara an cire sunanki, ba ki da ikon sa haruffan ACCA a bayan sunanki sai an maido da ke, kuma duba rajistar abu ne na minti ɗaya a wurin masu ɗaukar aiki. Ki nemi a maido ki, ki fara cike karatun sabunta ilimi, wanda a ƙa'ida maki 40 ne a shekara, 21 daga ciki masu shaida. Ko ba a gama ba, ki rubuta gaskiya: na nemi maido da rajistata a wata kaza.

Sai ki nuna kin san ƙasar da kike. Tun Afrilun 2022 duk kasuwancin da ke da rajistar VAT ta manhaja yake miƙa bayanansa, a tsarin Making Tax Digital. Babban harajin kamfani kuma ya tashi daga kashi 19 zuwa 25 cikin ɗari a Afrilun 2023. Kar ki jera waɗannan kamar hadda. Ki duba tallar aikin: in sun ambaci manhajar lissafi irin Xero ko Sage, ki yi kwas ɗinsa, ki faɗi watan da kika gama.

Ga yadda gangar wasiƙar za ta kasance, ki sa naki alƙaluman na gaskiya, ki mayar Turanci:

"Na yi shekara bakwai ina riƙe lissafin kamfanin rarraba kaya. Ni ke daidaita asusun banki huɗu, ina shirya albashin mutum 120, na kuma rage rufe lissafin wata daga kwana goma zuwa shida. Daga 2020 na tsaya renon iyali. A bana na kammala kwas ɗin Xero, kuma shekara biyu ke nan ni ce ma'ajin wata ƙungiyar al'umma, ni ke shirya mata lissafin shekara. Ina da izinin aiki a Birtaniya, ba na buƙatar kamfani ya ɗauki nauyin bizata."

Kin lura babu naira a ciki. Miliyan ɗari biyar ta 2019 ba ta gaya wa Bature komai, in kuma ya canza ta da farashin yau, bayan faɗuwar naira tun 2023, sai aikinki ya ƙanƙance a idonsa. Yawan ma'aikata, asusu da kwanaki ba sa buƙatar canji. Zancen ma'aji kuwa, ki sa shi in da gaske akwai littafi da rasit. Riƙon adashen matan unguwa amana ce babba, amma ki bar shi a gida.

Jimlar ƙarshen wasiƙar, ta izinin aiki, tana da nauyi, domin da yawa suna ajiye takarda da zarar sun ga duk aikin a Najeriya aka yi, suna zaton sai sun nema miki biza. In bizarki ta rakiyar miji ta ba ki izinin aiki, ki faɗa, ki kuma tanadi share code, wato lambar da za su duba izinin aikinki da ita, daga shafin gwamnati na GOV.UK don ranar da za su tambaya.

Saura mai ba da shaida. Ki kira tsohon shugabanki na wurin aiki a Kano tun yanzu, ku gaisa, ki tambayi iyali, sannan ki sanar da shi za a tuntuɓe shi. Ki karɓi imel ɗinsa na ofis, don an fi yarda da shi a kan na kansa, ki roƙe shi ya riƙa leƙawa. In ya bar wurin, ki nemi wanda ke sashen ma'aikata da zai tabbatar da shekarun da kika yi.