Jawabin maraba cikin harshe biyu

"Maigida, manaja ya ce in shirya masa jawabin maraba na minti 5 ga baƙi masu zuba jari, da Hausa da Faransanci. Ya karanta ɗaya ya gama, sannan tafinta ya karanta ɗayan?"

A'a ɗana, kada ka yi haka. Amma fara da lissafin lokaci tukuna. Minti 5 ɗin nan na harsunan biyu ne, ke nan kowanne ya samu biyu da rabi. Mai jawabi a natse yana faɗin kalma kamar 120 a minti ɗaya, don haka kada rubutunka ya wuce kalma 300 a kowane harshe. Ni ma da za ka bi ta tawa, tsaya a 250, saboda shirun da ake yi tsakanin manaja da tafinta shi ma lokaci yake ci.

Idan manaja ya zuba nasa gaba ɗaya, baƙin za su zauna minti biyu da rabi ba sa jin komai. Za ka ga murmushi ya bushe a fuska, hannu ya fara laluben waya. Maganinsa ka yanka jawabin gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa jimla biyu ko uku: gaisuwa da sunayen baƙi, abin da kamfani ke yi, abin da za a nuna musu yau, sai godiya. Ka raba takarda gida biyu, Hausa a hagu, Faransanci a dama, gaɓa ta 3 tana kallon gaɓa ta 3. Manaja ya faɗi tasa ya dakata, tafinta ya ɗauka.

Inda na fi jin tsoro shi ne lambobi, don mai zuba jari su yake rubutawa a ɗan littafinsa. A ce masana'antar tana fitar da tan 1,500 a wata. Bafaranshe waƙafi yake sawa inda muke sa ɗigo, shi a idonsa 1,500 ɗaya da rabi ne. To a ɓangarensa rubuta 1 500 da ɗan fili a tsakani, a duka ɓangarorin kuma ka ƙara adadin da kalmomi don bakin mai karatu kada ya sarƙe. In manaja ya canza wata lamba da safiyar taro, abin da suka saba yi ne, gyara gida biyun nan take ka yaga tsohuwar takarda.

Haka alƙawari. In Hausar ta ce "muna fatan buɗe sabon reshe", kada ɗayan ya ce "za mu buɗe". Baƙon zai riƙe wanda ya ji, ya kawo shi teburin ciniki.

Kafin ranar, ka sa su biyun su karanta da ƙarfi kana riƙe da agogo. In sun haura, rage daga tarihin kamfani, kada ka taɓa sunayen baƙi.